Yadda nake bi da ɗalibai ta kan iyakar sin x / x da 'yan'uwanta

A ajin lissafin da nake ɗauka da yamma a Agege, yawancin masu zuwa 'yan aji shida na sakandare ne masu shirin ƙarin lissafi a jarrabawar WAEC, sai kuma 'yan shekarar farko na Jami'ar Legas da ke Akoka da kwalejin fasaha ta Yaba, masu son a sake musu kalkulas da Hausa. Kusan dukkansu suna zuwa da haddar cewa idan x ya doshi sifili, sin x / x yana dosar 1. Haddar ba ta da laifi. Matsalar tana ɓullowa ne da zarar an canja abin da ke cikin sin, aka rubuta sin 3x ko sin(x − 2) ko sin(1/x), domin a nan wasu suke amsa 1 ga kowace tambaya, wasu kuma su sami amsar daidai ta hanyar da ba daidai ba. Ga yadda nake bi da su daki-daki.

Ba na fara da hujja. Ina sa kowa ya fito da kalkuleta ya duba ƙaramin harafin da ke saman allonta. Idan D ne, tana lissafi da digiri, kuma duk abin da za mu yi zai lalace. A kan Casio fx-991ES PLUS, wadda ita ce ta fi yawa a hannun ɗalibai, ana danna SHIFT, sai MODE, sai 4, harafin ya koma R, wato radiyan. Daga nan sai mu ɗauki x = 0.5. Kalkuleta ta ba da sin 0.5 = 0.479426, idan aka raba da 0.5 a sami 0.958851. Sai x = 0.1, inda sin ɗinsa 0.0998334 ne, rabon kuma 0.998334. Sai x = 0.01, rabon ya zama 0.999983. Wanda ya sa x = 0 kai tsaye zai ga Math ERROR, kuma haka ya kamata, domin sifili a raba da sifili ba lamba ba ce. Abin da muke nufi da iyaka shi ne lambar da rabon yake matsowa kusa da ita yayin da x yake ƙanƙancewa, ba abin da ke faruwa a kan sifilin kansa ba.

Kusan kullum akwai wanda kalkuletarsa ba ta canja ba, sai ka ji ya ce, "Malam, ni 0.01745 nake samu." Ba na ce masa ya yi kuskure ya share. Ina sa shi ya rubuta lambar a gefen littafi, domin za mu dawo gare ta, kuma ita ce misali mafi kyau na dukan darasin.

Lambobi uku ba hujja ba ne, don haka sai mu zana da'ira wadda daga tsakiyarta zuwa bakinta tsawo ɗaya ne. Tsakiyar O ce. A bakin da'irar akwai A da B, kusurwar da ke tsakanin OA da OB kuma x ce a radiyan, tana tsakanin 0 da π/2. Daga A sai mu ja layi a tsaye har ya haɗu da OB idan an ƙara masa tsawo, mu kira mahaɗar T. Yanzu akwai filaye uku, kowane yana cikin na gaba da shi. Alwatika OAB gindinta 1 ne, tsayinta sin x, filinta (1/2)sin x. Yankin da'irar da ke tsakanin OA da OB filinsa x/2. Babbar alwatika OAT gindinta 1, tsayinta tan x, filinta (1/2)tan x. Tunda ƙarami yana cikin babba, sai mu rubuta

sin x < x < tan x

Idan aka raba ko'ina da sin x, wanda ya fi sifili a nan, sannan aka juya kowane sama ya koma ƙasa, alamun sukan juya su ma, a sami

cos x < sin x / x < 1

Yayin da x yake dosar sifili, cos x yana dosar 1, kuma rabon namu an matse shi tsakanin abu mai dosar 1 da 1 kansa, ba shi da wajen zuwa. Ina sa su gwada da lambobin ɗazu: cos 0.5 = 0.877583, ga 0.958851 a tsakaninsa da 1. Ga x mai ƙasa da sifili ba sai an sake zane ba, domin sin(−x) = −sin x, sama da ƙasa duk sun canja alama tare, rabon bai motsa ba. Mai son ganin abin da ido ya tuna baka da tsirkiyarsa: bakin da'ira daga kusurwa −x zuwa x tsawonsa 2x ne, layin da ya haɗa ƙarshensa biyu kuma 2 sin x, kuma duk sa'ad da aka rage lanƙwasar, tsawon bakan da na tsirkiyar suna kusantar juna.

Wuri ɗaya tak radiyan ya shigo cikin wannan hujja, wato inda muka ce filin yankin da'ira x/2 ne. Wannan gaskiya ne kawai idan zagaye cikakke 2π ne. A riƙe wannan.

Yanzu ga ainihin aikin. Na rubuta sin 3x / 5x a allo na tambayi iyakarsa idan x ya doshi sifili. Abin da nake so su gane kafin su taɓa biro shi ne harafin x ba shi da wata daraja a cikin dokar. Dokar cewa take yi: sin na wani abu, a raba da wannan abin dai, yana dosar 1 muddin abin yana dosar sifili. Saboda haka a allo nakan zana akwati maimakon harafi, sin(□)/□, in ce sharuɗɗa biyu ne. Abin da ke akwatin sama da na akwatin ƙasa su zama abu ɗaya sak, kuma abin ya doshi sifili.

A sin 3x / 5x akwatin sama yana ɗauke da 3x, ƙasa kuma 5x ne, ba su dace ba. Ba mu da ikon taɓa abin da ke cikin sin, amma muna da ikon gyara ƙasa, in dai mun mayar da abin da muka ɗauka. Sai mu ninka sama da ƙasa da 3x:

sin 3x / 5x = (sin 3x / 3x) × (3x / 5x)

Biraket na biyu ba shi da wahala, x ya cinye x tunda x ba sifili ba ne, saura 3/5. A biraket na farko sai mu sa u = 3x. Idan x ya doshi sifili, u ma yana dosar sifili, don haka sin u / u yana dosar 1. Iyakar ita ce 1 × 3/5 = 0.6. Ina nacewa a rubuta wannan jimlar ta "u ma yana dosar sifili" a takarda ko da ta yi kama da ɓata tawada, domin nan gaba kaɗan za mu ga tambayar da ita kaɗai ce ke raba amsar daidai da ta kuskure. Kalkuleta ta tabbatar: a x = 0.1, sin 0.3 = 0.295520, a raba da 0.5 a sami 0.591040, a x = 0.01 kuma 0.599910. Haka yake ga kowace lamba a da b waɗanda ba sifili ba, sin ax / bx yana dosar a/b.

Akwai gajeriyar hanyar da nake hanawa, kuma hana ta yana da wuya saboda tana ba da amsar daidai. Ɗalibi zai rubuta sin 3x = 3 sin x, ya fitar da 3 waje, ya sami 3/5. Wata ɗaliba ta taɓa ce mini, "To Malam, ai amsarmu ɗaya, mene ne laifina?" Na ce mata, "'Yata, sa x ya zama digiri 30." Sin na digiri 90 shi ne 1, amma 3 sau sin na digiri 30 shi ne 1.5, kuma babu sin ɗin da ya taɓa wuce 1. Abin da ta rubuta ƙarya ne a matsayin daidaito, sai dai kusa da sifili ɓangarorin biyu suna kusantar juna, shi ya sa ta tsira. Mai duba takardar jarrabawa yana bin matakai, ba amsar ƙarshe kaɗai ba, kuma a ƙarshen wannan rubutu akwai tambayar da wannan ɗabi'a take kai mutum ga 0 alhali amsar −4 ce.

A nan nake sa mai 0.01745 ya buɗe gefen littafinsa. Kalkuleta da ke kan digiri, idan ka ba ta x, abin da take lissafawa shi ne sin(πx/180), domin digiri ɗaya π/180 ne na radiyan. Ashe tambayarsa ita ce sin ax / x da a = π/180, kuma dokar da muka gama yanzu ta ce iyakar a ce. A raba π da 180 a sami 0.0174533. Kalkuletarsa ba ta yi ƙarya ba, ta amsa wata tambaya ce daban, wadda aka sauya wa ma'aunin abin da ke cikin sin.

Idan sin yana sama da ƙasa, kowanne a ba shi nasa abokin. Ga sin 3x / sin 5x:

sin 3x / sin 5x = (sin 3x / 3x) × (5x / sin 5x) × (3x / 5x)

Na tsakiyar a juye yake, amma abin da ke dosar 1 idan aka juya shi 1 yake dosa. Amsar 3/5 ce kuma. Abin lura shi ne a x = 0.1 wannan karon ana samun 0.616405, a x = 0.01 kuma 0.600160, wato ta sama yake saukowa, ba kamar na farko da ya hau daga ƙasa ba. Dalili shi ne giɓin da ke tsakanin sin u / u da 1 kusan u²/6 ne, don haka idan ka ninka kusurwa sau 5, giɓin ya ninku kusan sau 25. Mun riga mun gani: a 0.1 giɓin 0.0017 ne, a 0.5 kuma 0.041. Tunda sin 5x da ke ƙasa ya fi sin 3x ragewa daga kusurwarsa, rabon sai ya ɗan haura. Amfanin wannan a aikace shi ne idan lambar da ke gaban x babba ce, kamar sin 40x, gwaji da x = 0.1 ba zai nuna maka komai ba, domin u ya zama radiyan 4, ya wuce rabin zagaye. Ƙanƙantar u ake dubawa. Ga tan ba sai an haddace sabuwar doka ba, tunda tan u / u = (sin u / u) × (1 / cos u), kuma cos u yana dosar 1.

Sharaɗi na biyu, cewa abin da ke cikin akwati ya doshi sifili, shi ne wanda aka fi mantawa, don haka nakan daɗe a kansa. Ina ba su tambayoyi biyu masu kama ɗaya, x sin(1/x), ɗaya x yana girma ba iyaka, ɗaya x yana dosar sifili. Ana iya rubuta shi sin(1/x) / (1/x), akwatin sama da na ƙasa sun dace sak, sai hannu ya yi saurin rubuta 1 a duka biyun. A ta farko haka ne: x yana girma, u = 1/x yana dosar sifili, iyakar 1. A ta biyu kuwa x yana ƙanƙancewa, u yana girma, dokar ba ta da hurumi a wajen. Abin da za a yi shi ne a tuna sin ba ya fita daga tsakanin −1 da 1, don haka x sin(1/x) ba zai wuce girman x ba, kuma x yana dosar sifili. Amsar 0 ce. Wanda ya saba rubuta inda u ya dosa ba ya faɗawa wannan rami.

Haka kuma ba dole x kansa ya doshi sifili ba. Ɗauki sin(x − 2) / (x² − 4) yayin da x yake dosar 2. Akwatin yana ɗauke da x − 2, wanda yake dosar sifili, sharaɗi ya cika. Sai a nemo x − 2 a ƙasa, kuma yana nan a ɓoye, domin x² − 4 = (x − 2)(x + 2). Rabon ya zama sin(x − 2)/(x − 2) sau 1/(x + 2), iyakar 1 × 1/4. A x = 2.1 kalkuleta ta ba da 0.243496, ya kama hanyar 0.25. Akwai kuma inda akwatin ma sai an ƙirƙiro shi, kamar sin x / (x − π) idan x ya doshi π. Abin da ke cikin sin ba ya dosar sifili, amma na ƙasa yana yi. Sai a sa u = x − π, wato x = π + u, kuma sin(π + u) = −sin u, rabon ya koma −sin u / u, iyakar −1. Alamar ragin nan ita ce yawanci take faɗuwa a hanya.

Tambayar x sin(1/x) tana da 'yar'uwa mai tsohon tarihi da nake son nunawa ko da ba ta cikin manhaja. Idan ka zana siffa mai gefe n daidai wa daida a cikin da'irarmu, rabin kewayenta n sin(π/n) ne. Mai gefe 6 ta ba da 3 cif, mai gefe 12 ta ba da 3.10583, mai gefe 96 ta ba da 3.14103. Da u = π/n, abin ya zama π × (sin u / u), wanda yake dosar π yayin da gefuna suke ƙaruwa. Da siffa mai gefe 96, ɗaya a ciki ɗaya a waje, Arkimidis, masanin lissafi na tsohuwar Girka, ya nuna π yana tsakanin 223/71 da 22/7, kuma 22/7 ɗin nan ita ce har yau ake ba yara a firamare.

Daga nan sai mu shiga tambayar da nake ɗauka a matsayin gwajin ko mutum ya iya, domin ta haɗa komai:

(1 − cos 4x) / (x sin 3x), x yana dosar sifili

Mataki na farko shi ne a sa x = 0 a gani. Sama 1 − 1 = 0, ƙasa 0, to akwai aiki. Da sama ya ba da wata lamba ba sifili ba, da wata magana ake yi daban. Mataki na biyu, babu sin a sama, sai a samar da shi da dokar rabin kusurwa, 1 − cos 2A = 2 sin²A. A nan 2A = 4x, don haka A = 2x, sama ya zama 2 sin²2x. Kuskure na farko da nake gani a nan yake: a rubuta 2 sin²4x, a manta raba kusurwar biyu, amsar ta ninku sau huɗu.

Mataki na uku shi ne ba kowane sin abokinsa, kuma a nan nake hana su rubuta sin² a dunƙule. Sin²2x sin biyu ne, sin 2x sau sin 2x, kowanne yana bukatar 2x nasa. A sama ke nan za a mayar da 2x sau 2x, wato 4x², ba 2x² ba. Wannan ne kuskure na biyu, kuma ya fi na farko yawa: mutum ya ninka x da kansa ya bar 2 yadda take. A ƙasa sin 3x yana bukatar 3x guda. Idan aka jera:

(1 − cos 4x)/(x sin 3x) = 2 × (sin 2x / 2x)² × (3x / sin 3x) × (4x² / 3x²)

Kafin a ɗauki iyaka ina sa su tabbatar wannan layin daidai yake da na asali, ta hanyar soke abin da aka ƙara: 4x² na sama ya cinye (2x)² na ƙasa, 3x na sama ya cinye 3x daga cikin 3x², saura x guda a ƙasa tare da sin 3x. Daidai. Yanzu 2x da 3x duk suna dosar sifili, biraket biyu na farko suna dosar 1, na ƙarshe 4/3 ne. Amsar 2 × 4/3 = 8/3, kusan 2.6667.

Mataki na huɗu gwaji ne, kuma ba ya cin minti guda. A x = 0.1, cos 0.4 = 0.921061, sama ya zama 0.078939, ƙasa kuma 0.1 × 0.295520 = 0.029552, rabon 2.6712. Wanda ya manta ninka 2 da kanta ya sami 4/3, wato 1.33, wanda bai raba kusurwa ba ya sami 32/3, wato 10.67, kuma dukansu suna ganin ba su kusa da 2.67 ba tun kafin in duba littafinsu. Daga yawan nisan ma ana gane irin kuskuren: rabin amsa alamar an manta ninka lambar da kanta, ninki huɗu alamar rabin kusurwa.

Sai dai gwajin kalkuleta yana da nasa tarko. Ɗalibi mai himma yakan ce bari ya sa x ƙarami sosai don ya sami amsa mafi kyau, ya danna 0.000000001, sai kalkuleta ta ba shi 0. A wannan x, cos 4x ya gaza 1 da kusan 8 × 10⁻¹⁸ kawai, kalkuleta kuwa lambobi goma sha 'yan kai take riƙewa, sai ta ɗauke shi 1 cif, ta cire daga 1, ta sami sifili. Duk inda ake cire lambobi biyu masu kusan zama ɗaya haka take faruwa. Shawarata ita ce a tsaya a 0.1 da 0.01, a ga inda lambobin suka nufa, ya wadatar.

Ƙirga x na sama da na ƙasa ma yana faɗa maka irin amsar da za ka sa rai. A tambayar da muka gama, x² ne a sama x² a ƙasa, shi ya sa aka sami lamba. A sin(x²)/x kuwa, ba sin abokinsa x² ya bar x²/x = x a waje, iyakar 0. A sin x / x² saura 1/x, wanda yake girma ba iyaka ta dama, yake nutsewa ba iyaka ta hagu, don haka babu iyaka sam.

'Yan jami'a sukan tambaya don me za a sha wannan wahala alhali akwai dokar L'Hôpital, wadda aka fara bugawa a 1696, wadda take cewa a ɗauki saurin canjin sama da na ƙasa a raba. Ga sin 3x / 5x tana ba da 3 cos 3x / 5, wato 3/5, a layi ɗaya, kuma ban hana kowa duba amsarsa da ita ba. Amma ba a kafa hujjar sin x / x da ita, domin sanin cewa saurin canjin sin x shi ne cos x daga wannan iyakar ya fito. Ga yadda yake: sin(x + h) − sin x = 2 cos(x + h/2) sin(h/2). A raba da h, a mayar da 2 ƙasa ta zama h/2, a sami cos(x + h/2) sau sin(h/2)/(h/2). Akwatin yana ɗauke da h/2, yana dosar sifili, saura cos x. Wanda ya yi amfani da cos x don ya tabbatar da iyakar ya kafa hujja da abin da ake nema ne. Kuma idan tambaya ta ce a yi ba tare da wannan doka ba, to hanyar akwati ce kaɗai ta rage.

Abu na ƙarshe da nake nunawa shi ne inda hanyar take tsayawa. Bayan tambayoyi da yawa ɗalibai sukan lura cewa abin da muke yi daidai yake da goge sin a bar abin da ke ciki, sin 3x ya zama 3x, sin 2x ya zama 2x. Gaskiya ne, amma a inda ake ninkawa da rabawa kawai, domin a nan ne kowane sin u / u yake fita a matsayin biraket mai zaman kansa da ke dosar 1. Idan akwai tarawa ko cirewa, lamarin ya canja. Ɗauki

(sin 3x − 3 sin x) / x³

Mai goge sin zai rubuta 3x − 3x = 0 a sama ya ce amsar 0 ce, haka ma mai cewa sin 3x = 3 sin x. A gwada x = 0.1: sin 0.3 = 0.2955202, 3 sin 0.1 = 0.2995002, bambancin −0.0039800, a raba da 0.001 a sami −3.98. Abin da ya faru shi ne manyan ɓangarorin, 3x da 3x, sun cinye juna, sai ɗan giɓin nan da muke watsarwa ya zama shi ne dukan abin da ya rage, kuma girmansa na x³ ne, daidai da abin da ke ƙasa. Maganin shi ne a mayar da cirewar ta zama ninkawa kafin a taɓa iyaka. Dokar kusurwa uku ta ce sin 3x = 3 sin x − 4 sin³x, don haka sama −4 sin³x ne cif, rabon ya zama −4 × (sin x / x)³, iyakar −4.

Aikin gida da nake bayarwa a kan wannan shi ne (tan x − sin x) / x³. Goge sin da tan yana ba da 0, kalkuleta a x = 0.1 tana ba da 0.5013. Idan aka fitar da tan x waje, sama ya zama tan x (1 − cos x), wato tan x sau 2 sin²(x/2). Tan x ya ɗauki x ɗaya, sin biyun kowanne ya ɗauki x/2, abin da za a mayar x²/4 ne, sai a sami 2 × 1/4 = 1/2.